Mai neman aikin yana Riyad, kwamitin yana Zariya: wace rana za a kira shi?

Maman Ihsan, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da ɗaukar ma'aikata. Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a wani asibiti mai zaman kansa a nan Zariya, kuma muna neman wanda zai shugabanci ɗakin gwaje-gwajenmu. Cikin mutum 5 da muka tantance akwai wani ɗan ƙasarmu da ya yi shekara 6 yana aiki a Riyad, yana son dawowa gida, kuma takardunsa sun fi na kowa nauyi. Da yake ba zai iya zuwa ba, kwamiti ya yarda a yi masa intabiyu ta waya na minti 45.

Na aika masa imel cewa za mu kira shi ranar Litinin ƙarfe 10 na safe. Ranar ta zo, mutum 3 na kwamiti suka zauna, muka kira sau 4 bai ɗauka ba. Da yamma ya rubuto yana ba da haƙuri, ya ce ya ɗauka ƙarfe 10 na agogon Riyad nake nufi, har ya nemi izinin fita na ɗan lokaci ya zauna a mota yana jira, da bai ji mu ba sai ya koma bakin aiki ya ajiye wayar. Laifin wannan nawa ne, domin ban rubuta agogon wace ƙasa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ya ce nan gaba a taimaka a sa masa Juma'a ko Asabar. Shugaban asibitinmu ya ji haushi, ya ce mai neman aiki ba ya zaɓar wa masu ɗaukarsa rana, balle ya jawo su ofis a ƙarshen mako. Ni kuwa ina jin ba raini ba ne, kuma ba na son mu rasa mutumin kirki saboda rashin fahimta. Yaya ake tsara irin wannan?

Baban Khalil, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi hattara ƙwarai da duk wanda zai kira daga waje ya ce zai yi intabiyu ta waya. Ƙanina ya sayar da babur ɗinsa ya biya wani ejan kuɗin biza bayan irin wannan kiran, har yau babu aikin babu kuɗin. Kada ki tura ko sisi.

Maman Ihsan, Tudun Wada

Allah ya mayar masa da alheri, Alhaji, amma tamu ba haka take ba. Mu ne masu ɗaukar aikin, shi kuma yana can yana son ya dawo nan.

Alhaji Tsohon Direba, Kwangila

Ni na zauna a Jidda shekaru da dama ina tuƙi, kuma abin da na sani shi ne hutunsu Alhamis da Juma'a ne, Asabar kuwa ita ce ranar farko ta aiki. Saboda haka na yi mamaki da ya ce Asabar. Ki sa masa Alhamis da safe, ku kuna ofis, shi yana gida, magana ta ƙare. Duk ƙasashen Larabawa haka suke.

Malam na Kongo

Alhaji ya faɗi gaskiyar zamanin da ya zauna, amma abin ya canza. Tun tsakiyar shekarar 2013 Saudiyya ta mayar da hutun mako zuwa Juma'a da Asabar, ana shiga aiki Lahadi a tashi Alhamis. Idan aka sa masa Alhamis da safe, yana tsakiyar aiki. Na yi shekaru ina shirya wa kwamitoci irin wannan ganawar, don haka bari in ɗan tsawaita.

Maman Ihsan, kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya ɗauko ranakun aikin ƙasashen biyu ya nemi inda suka haɗu. A nan muna aiki Litinin zuwa Juma'a, can Lahadi zuwa Alhamis, sai mutum ya ce ai Litinin zuwa Alhamis sun dace. Wannan lissafin daidai ne idan ofis ne zai yi magana da ofis. Mai neman aiki kuwa ba ofis ba ne. Mutum ne da yake ƙarƙashin wani, kuma galibi bai gaya wa masu gidansa cewa yana neman tafiya ba, musamman a inda takardar zamansa take rataye da wurin aikin. Abin da kike nema shi ne lokacin da kwamitinki yake bakin aiki, shi kuma yake gida, yana iya rufe ƙofa ya yi magana ba tare da ya rage murya ba. Da ya ce Juma'a ko Asabar, ranakun da yake da ikon kansa ya faɗa miki. Asabar hutu ce gare ku duka, amma Juma'a ranar aiki ce a wurinku, hutu a wurinsa, saboda haka bambancin makon nan taimakonki ya yi.

Sai batun agogo. Riyad tana gaban Zariya da awa 2, kuma haka yake duk shekara domin ƙasashen biyu ba sa juya agogo. Ƙarfe 10 ɗin da kika sa ta yi daidai da 12 na rana a can, lokacin azahar. Shi kuma 10 ɗin da ya zauna a mota yana jira ƙarfe 8 ce a nan, ba ku ma gama buɗe ofis ba.

A ranar Juma'a akwai wuri biyu da za a duba. Na farko shi ne da sassafe: ƙarfe 8 a nan, 10 a can, a gama 10:45 nasa. Ban cika son wannan ba, domin a watan Nuwamba rana tana yin zawali a Riyad tun kafin ƙarfe 12, kuma ana yin Juma'a a farkon lokaci, don haka zai riƙa duban agogo yana tunanin wanka da tafiya masallaci. Idan ɗan kwamiti ɗaya ya makara da minti 20, abin ya lalace. Na biyu shi ne tsakanin Juma'o'in biyu. Zuwa ƙarfe 1 na agogonsa an idar da salla an watse, a nan kuwa 11 ce kawai, mu ba mu fara shirin masallaci ba. Idan kika sa 11:30 na Zariya, wato 1:30 na Riyad, za ku gama 12:15 namu, 2:15 nasa, kafin la'asar ta shiga a can, kuma mazan kwamitinki suna da isasshen lokacin riskar salla. Da ni ne, wannan zan fara miƙa masa.

Maman Ihsan, Tudun Wada

Na gode, Malam, wallahi ban taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba. Amma me zai hana mu kira shi a ranar aiki da yamma, bayan ya tashi? Shugabanmu ya fi son haka, domin ranar Juma'a hankalin kowa yana kan tashi da wuri.

Malam na Kongo

Zai yiwu, sai dai wurin matsattse ne. A ce yana tashi ƙarfe 5 na yamma a can, wato 3 a nan. Cunkoson Riyad ba ƙarami ba ne, ki ba shi awa 1 ya isa gida, ya zama 6 nasa, 4 naku, daidai lokacin da kuke rufe ofis. A wannan watan magariba tana shiga can jim kaɗan bayan ƙarfe 5, isha kuma wajen 6:30, saboda haka kiran minti 45 da ya fara ƙarfe 6 zai ci karo da kiran sallar isha. Ga shi kuma ya yini a tsaye. Sauran mutum 4 ɗin da safe kuka gan su, suna da ƙarfinsu, to bai kamata a auna shi da su alhali an kama shi a gajiye ba. Idan dole sai yamma, ƙarfe 5 na Zariya ya fi, 7 nasa, ya yi salla ya ci abinci, amma sai kwamiti ya yarda ya zauna bayan tashi.

Sista Mai Dutin Dare, Shika

Malam, bayaninka ya yi, amma akwai abin da ka tsallake. Mutumin nan ma'aikacin lafiya ne, kuma mu ma'aikatan lafiya ba kalandar ƙasa ce take ba mu hutu ba, rosta ce, wato jadawalin aikin asibiti. Ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti ba ya rufewa don Juma'a ta zo. Ƙawata da take aikin jinya a gabashin Saudiyya wani makon hutunta Talata ne, wani makon kuma ta fito dutin dare ranar Juma'a da safe ta yi barci har la'asar. Sannan da yawa daga masu aiki a wurare masu zaman kansu a can kwana 6 suke yi, Juma'a kaɗai suke hutawa. Shi wannan da bakinsa ya ambaci Juma'a da Asabar, don haka mai yiwuwa nasa tsayayye ne, amma duk da haka a tambaye shi wace Juma'ar, domin zai iya kasancewa yana jiran kiran gaggawa na asibitinsu a wani makon. Ni shawarata kada a yanke masa lokaci ɗaya. A ba shi 3 ya zaɓa, a kuma ce idan babu wanda ya dace ya kawo nasa.

Malam na Kongo

Na karɓi gyara, Sista. Sanin hutun ƙasa yana taimaka wa mai tsarawa ya miƙa lokutan da suke da ma'ana, amma rostar mutum ce take yanke hukunci.

Injiniya, Gyallesu

Ni ban yarda da yadda ake ta lallaɓa shi ba. Wanda yake neman aiki shi ne mai buƙata. Idan da gaske yake, ya ɗauki hutun kwana 1 ya jira kiranku ranar da kuka ga dama. Lokacin da na nemi aiki a Dubai ƙarfe 6 na safe suka kira ni, 9 nasu, ban ce uffan ba. Kuma a Dubai ma Juma'a da Asabar ne hutu, amma ba su tambaye ni nawa hutun ba.

Malam na Kongo

Injiniya, a kan Dubai akwai gyara. Daga Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun ma'aikatan gwamnati zuwa Asabar da Lahadi, Juma'a kuma ana yin rabin yini a tashi ƙarfe 12. Sharja ta ɗauki nata tsarin, ma'aikatan gwamnatinta suna hutun Juma'a da Asabar da Lahadi. Kamfanoni masu zaman kansu kowa da yadda ya zaɓa. Saboda haka da mutumin Maman Ihsan a Dubai yake, shawarar da na bayar ba za ta zauna yadda take ba, ga shi kuma tazarar can awa 3 ce. Wannan ne ya sa nake ƙin a ce duk ƙasashen Larabawa ɗaya ne.

A kan wanda ya kamata ya sassauta kuwa, na fahimce ka, amma ka tuna ya riga ya nemi izini sau ɗaya ya zauna a mota, kuma ba shi ya yi kuskuren ba. Neman izini na biyu cikin mako 2 zai sa a fara tambayarsa. Kwamitin kuma ba a ce ya zo ranar hutu ba, an ce ya zauna ƙarfe 11:30 na ranar aiki.

Injiniya, Gyallesu

Na ji batun Dubai, na daɗe da barin bibiyar can. Amma ina nan a kan bakana cewa idan aka fara bin ra'ayin ma'aikaci tun kafin a ɗauke shi, bayan an ɗauke shi sai yadda ya ga dama.

Ɗalibi a Kedah

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni ɗan Samaru ne, ina karatun digiri na uku a arewacin Malesiya, kuma irin wannan ta taɓa faruwa da ni. Wata makaranta a gida ta sa mini intabiyu, sakataren ya duba ya ga Malesiya tana hutun Asabar da Lahadi, sai ya rubuto cewa don ya sauƙaƙa mini ya roƙi kwamiti su zauna ranar Lahadi ƙarfe 8 na safe. Niyyarsa mai kyau ce, amma a jihar Kedah da Kelantan da Terengganu hutu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce cikakkiya. Jihar Johor ma haka take har ƙarshen 2024, sai a farkon 2025 ta koma Asabar da Lahadi. Muna gaban Najeriya da awa 7, don haka 8 ɗinsu ƙarfe 3 na yamma ce a wurina, ina cikin aji ina koyar da ɗalibai a madadin malamina. Da ya tambaye ni kafin ya sa, da na ce masa Juma'a ƙarfe 9 na safe agogon gida, 4 na yamma nawa, kuma da babu wanda ya fito ranar Lahadi. Saboda haka sanin ƙasar kaɗai bai isa ba, a tambayi garin.

Anti Malama, Wusasa

Ni ƙaramin abu zan ƙara a kan yadda ake rubuta lokacin, domin a nan ne aka fara samun matsala. Ɗana yana Ingila, kuma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya ne da nasu, amma da zarar sun juya agogo a Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai mu wuce su da awa 1. Masar ma ta dawo da juya agogo tun 2023, saboda haka tazararmu da Alƙahira wani lokaci awa 1 ce, wani lokaci 2. Wanda ya haddace tazara a watan Yuli ya yi aiki da ita a Nuwamba zai sha mamaki. Na Maman Ihsan babu wannan, amma ta riƙe don gaba.

Sannan mu Hausawa muna da tarko namu. Idan aka ce daren Juma'a, da yawanmu daren da Alhamis ta faɗi muke nufi, wasu kuma su ɗauka bayan magaribar Juma'ar ce. Idan za ku yi magana da shi da Hausa a waya, kada a tsaya a sunan rana, a haɗa da kwanan wata.

Malam na Kongo

Haka ne, Anti. Ga yadda nake rubutawa, sai a juya shi zuwa harshen da ofis yake aiki da shi: "Za mu kira ka ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 11:30 na safe agogon Zariya, wato ƙarfe 1:30 na rana agogon Riyad. Ganawar za ta ɗauki minti 45, mu ne za mu kira, a lambar da ka ba mu. Idan layi ya yanke, ka jira, za mu sake kira." A rubuta sunan watan da haruffa, domin 11/12 wani zai karanta 11 ga Disamba, wani 12 ga Nuwamba. A kuma guji gajerun sunayen agogo: AST a wurin wani agogon Larabawa ne, a wurin wani kuma na gabashin Kanada. Sunan gari ya fi, ko a rubuta GMT+1 da GMT+3. Abu mafi amfani shi ne ki roƙe shi ya maido miki da amsa yana maimaita ranar da lokacin da agogonsa. Idan ya rubuto 1:30 kin san kun fahimci juna. Idan ya rubuto 11:30 kawai, to kuskuren farko yana shirin maimaituwa, sai ki gyara tun da sauran kwanaki.

Maganar cewa ku ne za ku kira tana da dalili. Idan ba a faɗa ba, kowane ɓangare yakan zauna yana jiran ɗaya. Ki sa isasshen kati a layin da za a yi amfani da shi, ki kuma gwada kiran minti 1 kwana ɗaya kafin ranar, a ɗakin da kwamiti zai zauna, da wayar a buɗe yadda kowa zai ji. Kada ki dogara da WhatsApp kaɗai. A Daular Larabawa an toshe kiran murya ta cikinsa, a Saudiyya kuwa ni dai na sha ganin ya shiga yau, gobe ya ƙi.

Sista Mai Dutin Dare, Shika

Kuma a kira shi a lambarsa ta kansa, kada a bi ta layin wurin aikinsa ko imel ɗin ofishinsu ko da yana jikin takardunsa. Wannan zai iya jawo masa abin da ba mu sani ba.

Maman Ihsan, Tudun Wada

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai wa shugabanmu bayanin, na nuna masa cewa Juma'a da Asabar su ne hutun mutumin, kuma ba a nemi kowa ya fito ranar Asabar ba. Ya sauko, ko da yake ya ce shi ma ra'ayinsa ya fi kusa da na Injiniya. Na aika da lokuta 3 kamar yadda Sista ta ce: Juma'a 14 ga wata ƙarfe 11:30, Juma'a 21 ga wata ita ma ƙarfe 11:30, da Talata 18 ga wata ƙarfe 5 na yamma, kowanne da agogon Riyad a gefensa. Ya amsa cewa ranar 14 yana jiran kiran gaggawa na asibitinsu, saboda haka ba zai iya ba da tabbacin ba za a katse shi ba, ya zaɓi 21, ya kuma rubuto 1:30 na rana da kansa.

Yanzu sabuwar matsalar daga wajenmu take. Likitan da zai yi masa tambayoyin ƙwarewa yana tafiya Kano duk Juma'a, yana barin Zariya ƙarfe 11, kuma ya ce a haɗa shi a kiran yana mota. Ina tsoron sabis a hanya, ina kuma ganin tambayar ƙwarewa daga cikin mota ba za ta yi wa mai neman aikin adalci ba. In matsa wa likitan ya jinkirta tafiyarsa da awa 1 da rabi, ko in koma wa mutumin Riyad in ce Talatar za a yi?

Malam na Kongo

Ni likitan zan roƙa, domin an riga an ɓata wa ɗayan lokaci sau ɗaya, kuma ya zaɓi cikin abin da kuka ba shi. Sai dai ki sani idan likitan ya tashi 12:30 zai yi wuya ya riski Juma'a a Kano, sai dai ya yi ta a nan ko a hanya, don haka ki fara tambayarsa ko zai yarda da hakan kafin ki kai maganar gaban shugaba.

Injiniya, Gyallesu

Ni kuwa Talatar zan ce. Likitan naku ne yau, wancan ba ku ma ɗauke shi ba tukuna.